Ranar da albashi zai tsaya: lissafin ma'aikacin da ya rage masa shekara goma

Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu ta Jekadafari bayan la'asar, hira ta kai kan ritaya, sai wani abokin aikina ya ce ai shi da sauransa, sai 2036 zai ajiye. Na ce masa Malam yaushe aka ɗauke ka aiki? Ya ce Oktoba 1999. Haihuwa fa? Yuli 1976. Na ce to ka gyara lissafi, 2034 za ka tafi ba 2036 ba. Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu, can ya ce "innalillahi, wallahi ni shekara sittin kawai nake kallo." Wata ashirin da ɗaya na albashi kenan da ya riga ya ɗora wa hidima a ransa, har da auren ɗiyarsa ta biyu, kuma babu su.

Ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya ita ce shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Kowa ya haddace wannan, amma mutane ƙalilan ne suka taɓa zama da biro suka fitar da wata da shekarar tasu. Akwai waɗanda nasu ya bambanta, kamar malaman makaranta da dokar tarayya ta 2022 ta kai su shekara 65 ko 40 na aiki, wannan kuma ma'aikacin jiha sai ya duba abin da jiharsa ke aiki da shi a rubuce kafin ya ɗora buri a kai. Daraktocin tarayya su ma suna da nasu wa'adin na shekara takwas a kan kujera, ko da shekarunsu ba su cika ba. Amma ga yawancinmu 60 ne ko 35.

Abin da nake son in yi magana a kai ba wai ranar kanta ba ce, abin da ke biyo bayanta ne. Ranar da ka ajiye aiki albashi tsayawa yake cak, shi kuwa fansho ba ya farawa a ranar. Akwai rami a tsakani, wani wata huɗu, wani shekara, garatuti kuwa a jihohi da yawa layi ake bi na shekaru, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, ƙungiyar 'yan fansho kullum a kansa take kuka a rediyo. Ni a ganina duk shirin shekara goman ƙarshe, idan ka tace shi, abu biyu ne: ka rage zurfin ramin nan ta hanyar gyara takardunka da wuri, sannan ka sauko da gidanka a hankali daga girman albashi zuwa girman fansho tun kana karɓar albashin, don kada saukowar ta zama faɗuwa.

Mu fara da fayil, don shi ne abin da mutane suka fi rainawa kuma shi ya fi wahalar da su. Yayana da ya yi ritaya shekarun baya, aikinsa ya fara ne a ƙaramar hukuma tun muna tsohuwar jihar Bauchi, aka ƙirƙiro Gombe a 1996 aka dawo da su, daga baya ya koma aikin jiha. Da aka zo lissafin haƙƙinsa sai aka ce ina takardar da ta haɗe aikinsa na ƙaramar hukuma da na jiha? Babu. Ina takardar tabbatar da shi a aiki? Ita ma ba ta cikin fayil, shi kuma tasa ruwa ya cinye ta wata damina. Na tuna ina ce masa "Yaya ai da ka nema tun kana ofis," ya ce "kai dai bari, wa ya san za a tambaya." Kusan shekara ya yi yana hawa mota tsakanin garuruwa, waɗanda suka san shi a ofisoshin duk sun yi ritaya ko sun rasu, yaran da ke rajista ba su san shi ba balle su ji nauyinsa. Takardar da za ka samu cikin sati ɗaya kana ma'aikaci, idan ka zama tsohon ma'aikaci sai ta ci maka wata shida, don yanzu roƙo kake.

Don haka idan ya rage maka shekara goma, ka je rajista ka nemi a nuna maka fayil ɗinka ka zauna ka buɗe shi shafi shafi. Abin da kake nema shi ne takardar ɗaukar aiki ta farko, da takardar kama aiki mai ɗauke da ainihin ranar da ka fara, da ta tabbatarwa, da duk takardun ƙarin girma ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, da takardar canjin wurin aiki ko haɗe aiki idan ka taɓa sauya ma'aikata, da izinin tafiya karatu idan ka taɓa tafiya. Wannan na ƙarshen yana kama mutane sosai, mutum ya tafi digiri shekara uku da izinin baki na maigidansa, a fayil kuwa babu komai, ranar lissafi odita ya ce shekarun nan ina kake. Ka yi hoton kowace takarda kwafi biyu, ka ɗauke su a waya ma, ɗaya ka ajiye a gidan wani ɗan'uwa.

Sai ranar haihuwa. Wadda ka bayar ranar da aka ɗauke ka aiki ita gwamnati ta sani, duk wata rantsuwar kotu da ka yi daga baya don rage shekaru ba ta goge ta. Matsalar yanzu ita ce ga NIN ga BVN ga abin da ke wurin kamfanin fansho, wani a fayil 1975, a NIN 1978, a banki kuma sunan mahaifinsa ne a gaba maimakon nasa, Muhammad a nan Mohammed a can. Da can ana wucewa da irin wannan, yanzu kwamfuta ce ke ƙin amsa, kuma ba ta san alfarma ba. Gyaran ba wuya gare shi ba idan da lokaci, amma idan sai da albashi ya tsaya ka fara, kowane sati na gyaran nan sati ne da gidanka ke ci daga aljihun da ba a zuba masa komai. Kuma wanda ya yi wayo ya zarce ranar tasa yana ci gaba da karɓar albashi, ya sani ranar lissafi za a cire kuɗin nan tas daga garatutinsa, na ga wanda aka zare wa na wata goma sha huɗu, ya fito ofis yana share zufa da hula.

To yanzu kuɗin. Dole ka san a wane tsari kake, domin biyu ne kuma lissafinsu ba ɗaya ba. Akwai tsohon tsari wanda gwamnati ke biyan fansho da garatuti daga baitulmali, wanda ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da dama da suka daɗe a aiki har yanzu a kansa za su fita, akwai kuma tsarin adashin fansho da aka kawo a 2004 aka sake dokarsa a 2014, wanda ma'aikatan tarayya ke kai. Kada ka ɗauka, ka duba takardar albashinka ka ga ko ana cire maka na fansho, kuma ka tambayi sashen fansho na ma'aikatarka a wane ɓangare sunanka yake.

A tsohon tsari jadawalin da aka saba da shi mai sauƙi ne. Wanda ya yi shekara 10 yana da fansho kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe da garatuti kashi 100 na albashin shekara, daga nan kowace shekara ana ƙara kashi 2 a fansho da kashi 8 a garatuti, har a kai shekara 35 inda ake tsayawa a kashi 80 da kashi 300. Abokin nan nawa na majalisa zai cika 35 ɗinsa, saboda haka cikakke zai samu. Amma wanda ya shiga aiki a makare, a ce an haife shi 1975 ya fara aiki 2007, shekara 60 ce za ta riga kama shi a 2035 yana da shekara 28 kacal a aiki, nasa kashi 66 ne da kashi 244. Bambancin nan ba ƙarami ba ne kuma gara ya san shi tun yau.

Bari mu sa lambobi, na misali ne kawai don a ga yadda abin ke tafiya, kowa ya sa nasa. A ce abin da ke shigo wa mutuminmu a wata naira 180,000 ne. Ba duka ake lissafa fansho a kai ba, akwai alawus ɗin da na kujera ne ko na wurin aiki, ranar da ka tashi sun tashi, to a ce abin da ake lissafi a kai 150,000 ne. Kashi 80 na wannan 120,000. Garatuti kuma albashin shekara 1,800,000 sau uku, 5,400,000. A takarda abin ya yi kyau, har mutum ya fara hango Hajji da rufin shago. Amma ka lura, daga 180,000 zuwa 120,000 an riga an sauka da 60,000, kuma wannan ban sa kuɗin tafiye tafiyen aiki da na zaman kwamiti da na bita ba, waɗanda ba sa cikin albashi amma Allah ne kaɗai ya san buhun shinkafa nawa suka sauke a gidajen ma'aikata. Su ma ranar suke mutuwa.

Shi kuma miliyan biyar da dubu ɗari huɗun nan, idan sai bayan shekara biyar ya fito, kuma kaya na tashi da kashi 20 a shekara, abin da zai saya bai wuce abin da miliyan biyu da dubu ɗari biyu ke saya a ranar ritayarka ba. Kar a ce na yi tsanani da kashi 20, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 hauhawar farashi sai da ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, kowa ya gani a Tudun Hatsi da babbar kasuwa. Wannan ne ya sa nake cewa kada ka ɗora komai mai muhimmanci a kan garatuti. Kada ka ce da shi zan gama gini, kada ka ce da shi zan yi wa Ummi kayan ɗaki, kada ka ci bashi ka ce idan ya fito zan biya. Idan ya zo alhamdulillahi, ƙari ne.

Wani abu da wanda ke tsohon tsari ya kamata ya sa wa ido shi ne ƙarin girma, tunda a kan albashin ƙarshe ake lissafa komai. Daga mataki na 7 zuwa na 14 shekara uku uku ake yi kafin a cancanci na gaba, daga na 15 zuwa sama shekara huɗu, kenan cikin shekara goma mutum na iya samun biyu ko uku idan bai yi sakaci da jarabawa da cike fom ɗin auna aiki na shekara ba. Ƙarin 20,000 a albashin da ake lissafi a kai yana nufin ƙarin 16,000 a fansho kowane wata har ƙarshen rai, da 720,000 a garatuti. Sai dai takardar ƙarin girma daban, shigar da ita cikin albashi daban, mun san yadda ake yi, mutum na riƙe da takardar mataki na 14 yana karɓar kuɗin na 12. Ka bi sawun wannan tun da sauran shekaru, kada ka bari ya zama gardama tsakaninka da odita bayan ka miƙa makullin ofis.

Ma'aikacin tarayya kuwa, irin 'yan'uwanmu na asibitin koyarwa da jami'ar Kashere da sakatariyar tarayya, nasa lissafin a asusunsa yake, wato RSA da ke hannun kamfanin fansho, PFA. Ana cire masa kashi 8, gwamnati ta zuba kashi 10, a kan albashin tushe da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kama 150,000, to 27,000 ya kamata ya riƙa shiga duk wata. Aikinsa a shekarun nan shi ne ya riƙa karɓar bayanin asusun yana dubawa wata wata, domin akan samu watannin da an cire amma ba su shiga ba, musamman lokacin da aka yi wa mutum canjin wurin aiki ko ya yi rajista sau biyu ya samu lamba biyu. Wata shida da suka ɓace 162,000 ne, ban da ribar da da sun tara cikin shekara goma. Wanda kuma ya fara aiki kafin tsakiyar 2004 yana da haƙƙin shekarunsa na tsohon tsari da gwamnatin tarayya za ta zuba masa a asusun lokacin ritaya, kuma jiran wannan kuɗin ne ya sha riƙe mutane watanni ba su fara karɓar komai ba. Shi ya sa tantancewar da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke yi wa masu shirin fita a shekara mai zuwa ba abin wasa ba ce, wanda ya kuskure ta ya ƙara wa kansa jira.

Akwai wani abu da ke faruwa da asusun nan daidai lokacin da mutum ya cika shekara 50 wanda da yawa ba su ma san an yi ba. Tun 2018 aka kasa kuɗin fansho gida gida, 'yan ƙasa da 50 ana ajiye su a Fund II, da ka cika 50 sai a mayar da kai Fund III inda aka rage zuba kuɗi a hannun jari mai hawa da sauka, don kada kasuwa ta faɗi da kuɗinka ana gobe za ka fita. Kana da damar ka rubuta ka ce a bar ka a na biyun idan ka ga za ka iya jure haɗarin. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, akwai Fund VI da ba a juya shi ta hanyar kuɗin ruwa, sai ka nema da kanka, ba a kai mutum haka kawai. Kuma tun Nuwamban 2020 kana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara idan naka ba ya kula ka. Maganar da ake yawan yi cewa ranar ritaya za a damƙa maka kashi kaza na kuɗinka a dunƙule, ba lamba ɗaya ba ce ga kowa, ana duba shekarunka da albashin ƙarshe da abin da ke asusun, sai an ware abin da zai riƙa biyanka duk wata sannan a ba ka abin da ya saura a sama. Ka sa kamfaninka su yi maka ƙiyasi tun saura shekara biyar, kyauta ne.

To mu dawo kan saukowa a hankali, wanda shi ne zuciyar maganar. Mutuminmu zai koma 120,000 daga 180,000. Idan ya jira sai ranar, gidan zai ji abin kamar an yanke wuta, uwargida ta ga kamar rowa ce ta zo wa Malam da tsufa, yara su ga an canja musu. Amma idan ya fara tun saura shekara goma, matakin farko ba tara kuɗi ba ne, kashe bashi ne. Yawancin ma'aikatan da na sani abin da ke shiga hannunsu bai kai abin da ke takarda ba, banki ya cire nasa, ƙungiyar gama kai ta ofis ta cire na babur da na shinkafar azumi, ga masu ba da bashi ta waya. Ƙa'idar da zan ba kowa ita ce, daga yau kada ka sa hannu a bashin da ƙarshen biyansa zai shiga cikin shekara ukun ƙarshe na aikinka. Mai fita a Oktoba 2034, duk wani cirewa ya ƙare kafin Oktoba 2031. Masu banki za su zo har ofis da fara'a su ce a sabunta maka a ƙara maka wani a kai, wannan sabuntawar ita ce ke kai mutum ritaya da igiya a wuya.

Shekarun tsakiya, daga saura bakwai zuwa saura huɗu, kuɗin da bashi ya saki kada a bar shi ya narke cikin cefane. Nan ne za a gama abin da ba a son ya bi mutum cikin ritaya, na farko muhalli. Wanda ke gidan gwamnati ko haya a Tumfure ko Fantami, ɗaki biyu da bayi da katanga a filinsa ya fi masa zanen gida mai ɗaki shida da ya tsaya a linta. Mai RSA yana iya amfani da har kashi 25 na asusunsa a matsayin kason farko na lamunin gida, amma ƙofar tana rufewa idan ya rage maka ƙasa da shekara uku, kuma duk abin da ka cira fanshonka ne ka rage, don haka a auna. Na biyu yara. Ka rubuta sunan kowane ɗa da shekarunsa a ranar da za ka fita. Wanda yake aji uku na firamare yau, lokacin yana shirin shiga jami'a, kenan karatunsa gaba ɗaya a kan fansho zai hau. Ba zan shiga maganar masu ƙaro amarya a shekara 55 ba don kada a ce na taɓo sunna, amma dai a sa autan da za a haifa cikin lissafin, shi ma da bakinsa zai zo.

Shekara ukun ƙarshe kuma sai a yi gwajin gaske, gida ya koma rayuwa a kan 120,000 alhali albashi na shigowa. Ba dare ɗaya ba, shekarar farko a cire 30,000 duk wata, ta biyu 45,000, ta ƙarshe 60,000 cif. Idan ka tara, 360,000 da 540,000 da 720,000, ya kama 1,620,000, wato abin da zai riƙe gidan a kan sabon ma'auninsa sama da wata goma sha uku ko da ba a fara biyan fansho ba. Wannan shi ne kuɗin tsallake ramin, kuma ba jari ba ne, ba a ba ƙani ya juya, ba a sayen fili da shi don fili ba ya sayuwa ranar da kake neman kuɗin magani. A ajiye shi inda za a iya taɓawa cikin kwana biyu, wani ɓangare kuma a mayar da shi hatsin da gida zai ci, masara da shinkafa da wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, tunda dama abinci ne zai fi cin kuɗin. Na san za a ce wa ke iya ajiye 60,000 a wannan zamanin. Gaskiya ne da wuya, amma wanda ya kasa rayuwa a kan 120,000 yau da sauran albashin a gefe yana kare shi, gwajin ya nuna masa inda ɗinkin zai ɓalle tun da sauran lokacin gyara, ko kuɗin makaranta ne, ko man mota, ko 'yan'uwan da aka saba yi wa aike ƙauye. Kuma a zauna da iyali a faɗa musu lambobin ƙarara, mata sun fi mu iya tattali idan an gaya musu gaskiya.

Cikin 120,000 ɗin nan a ware na magani tun yanzu. Hawan jini da suga ba sa tambayar ko an fara biyan fansho, kuma inshorar lafiyar da ake cire maka ta albashi tana iya tsayawa tare da albashin. Ka je GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko ta tarayya idan can kake, ka tambaya yadda mai ritaya ke ci gaba da nawa ake biya a shekara.

Sai maganar sana'a, inda aka fi asarar garatuti. Tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka yarje masa. Mutane na ganin wannan takura ce, ni kuwa a nan Gombe ina ganin ƙofa ce a buɗe, ga noman rani a Dadin Kowa, ga wake da riɗi da masara ta ko'ina, ga kiwo. Abin da ba na so shi ne mutumin da shekara talatin da biyar bai taɓa riƙe fartanya ba, ranar da kuɗi suka shigo ya kama hekta goma ko ya zuba kaji dubu biyu don ya ji ana samu. Koyon sana'a dole sai an yi asara, to gara ka yi asarar ƙarama lokacin da albashi zai share maka hawaye a ƙarshen wata. Ka fara da hekta ɗaya ko raguna huɗu na Babbar Sallah tun saura shekara bakwai ko takwas, ka ɗauki hutunka na shekara, kwana talatin ɗin nan da yawancinmu ke barin shi ya wuce, a daidai lokacin shuka ko girbi, ka tsaya a gonar da ƙafarka. Noman waya, wanda kana ofis yaro na gaya maka an zuba taki, kowa ya san ƙarshensa.

Kuma ka riƙe littafi. Duk abin da ka kashe ka rubuta, har kuɗin man babur zuwa gona da abincin 'yan ƙwadago da dusar da aka ɗebo a gida, domin yawancin ma'aikata manoma albashi ne ke ciyar da gonar ba su sani ba, sai su ga buhu ashirin a tsakar gida su ce an samu alheri, ba su cire abin da ya tafi ba. Alamar da za ka gane abin ya tsaya da ƙafarsa ita ce damina uku a jere gonar ta sayi takinta da irinta daga abin da ta bayar bara, ba ka taɓa albashi ba. Idan ta yi haka, ka ƙara hekta ɗaya. Idan ba ta yi ba bayan shekara huɗu, ka gode Allah da ka gano da kuɗi kaɗan, ka sauya. Kuma kada shekara ɗaya mai kyau ta ruɗe ka, waɗanda suka saye masara suka ɓoye suna jiran tsada sun ga yadda farashi ya karye a 2025, wasu ko uwar kuɗin ba su mayar ba.

Idan ya rage shekara ɗaya sai a koma kan takarda. Sanarwar ajiye aiki wata uku ce a ƙa'ida, amma ka fara haɗa fayil ɗin fanshonka tun saura wata goma sha biyu, ka nemi takardar wanke kai daga ƙungiyar gama kai da sito da sashen kuɗi, ka adana takardun albashi na watannin ƙarshe, ka bar asusun bankin da aka san ka da shi kada ka sauya a wannan gaɓar. Akwai kuma kuɗin da mutane ke mantawa da shi gaba ɗaya, kashi biyu da rabi na albashin tushe da aka yi ta cire wa da yawanmu na asusun gidaje na ƙasa, NHF. Wanda ba shi da bashin gida a kansa yana da haƙƙin a mayar masa da abinsa idan ya yi ritaya, ta bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, amma sai ka cike fom ka nema, kuma za su tambaye ka lambarka ta asusun da shaidar abin da aka cire. Abokin nawa na majalisa da na tambaye shi lambarsa, cewa ya yi bai ma san yana da ita ba, ranar Litinin zai leƙa sashen albashi ya tambaya.